Harajin ƙiyasi a kan ƙananan 'yan kasuwa

Harajin ƙiyasi shi ne wanda hukuma ke yanka wa ɗan kasuwa ba tare da ta lissafa ainihin ribarsa ba. Ana bin wannan hanya ne saboda yawancin masu tireda da 'yan koli ba sa ajiye littafin shige da fice, kuma bin diddigin ribar kowannensu zai ci wa hukuma kuɗin da ya fi abin da za ta karɓa. Wani lokaci kuɗi ne tsayayye gwargwadon irin sana'a da girman shago, wani lokaci kuma kaso ne na jimillar ciniki. A Ghana, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta tanadi kashi 3 cikin ɗari na cinikin ƙaramin ɗan kasuwa.

Bambancinsa da harajin riba yana wajen cire ɗawainiya. Mai biya a kan riba yana zare kuɗin sari, hayar shago, dako da ladan yaran shago, sannan a yanka masa haraji a kan abin da ya rage. Mai biya a kan ciniki ba ya zare komai.

A ɗauki mutum biyu a Kumasi, kowanne ya yi cinikin sidi 200,000 a shekara, don haka kowanne zai biya 6,000. Na farko mai sayar da shinkafa ne buhu-buhu, ribarsa kashi 5 ce kacal, wato 10,000. Harajin ya cinye kashi 60 na ribarsa. Na biyu tela ne, wanda yawancin kuɗin da ke shigo masa ladan hannunsa ne, ribarsa 80,000. Shi kashi 7.5 na ribarsa kawai ya biya. Hanyar gane nauyin mai sauƙi ce: a raba kason harajin da kason ribar. Idan kuma farashi ya faɗi mai shinkafa ya tashi da asara, 6,000 ɗin tana nan a wuyansa, alhali a tsarin riba babu abin da zai biya a wannan shekarar. Wannan shi ne babban aibin tsarin, domin ya fi danne masu jujjuya kayan masarufi a kan 'yar riba kaɗan.

Indiya ta bi wata hanya a sashe na 44AD na dokar harajinta ta 1961. Ana ɗaukar kashi 8 na ciniki a matsayin riba, ko kashi 6 idan kuɗin ta banki suka shigo, sai a yanka haraji a kan wannan. Wanda ribarsa ba ta kai haka ba yana iya bayyana ta gaskiya, amma hakan na jawo masa ajiye littattafan lissafi, galibi har da kai su gaban akanta ya tantance.