Aikin da aka tsara ya tashi alhali na baya bai gama ba

Ina da aikin sabunta bayanai da `cron`, shirin da ke tayar da ayyuka bisa agogo, ke tayarwa duk minti 10. Da can minti 4 yake ci, yanzu yakan kai 14. Jiya na leƙa na tarar da guda uku suna gudu lokaci ɗaya, fayil ɗin sakamako kuma ya fito a hargitse. Me ya sa `cron` bai jira ba?

Saboda ba shi da hanyar jira. Agogo kawai `cron` yake kallo. Da zarar mintin da ka rubuta ya cika sai ya tayar da umarnin, ba ruwansa da ko wanda ya tayar ɗazu ya gama. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka gina shi.

Ga yadda naka ya kai uku. Na ƙarfe 9:00 ya tashi, da shi kaɗai ne da ya gama 9:14. Amma 9:10 na yi sai na biyu ya shigo, suka fara rububin faifai ɗaya da rumbun bayanai ɗaya. Kowannensu ya rage gudu, na farkon ya zarce 9:14, wataƙila har 9:20 ta same shi bai kammala ba, ga na uku ya iso. Kowane sabon shigowa yana ƙara wa na gabansa nauyi, shi ya sa abin ba ya warwarewa da kansa. Hargitsin fayil kuwa, biyu ne suke rubutu a wuri ɗaya: wannan ya share ya fara daga farko, wancan yana tsakiyar zuba nasa.

To mene ne magani mafi sauƙi?

A Linux, `flock`. Yana cikin kunshin `util-linux`, don haka da wuya ka rasa shi a sabarka. Layinka zai koma haka:

```
*/10 * * * * flock -n /var/lock/sabunta.lock /opt/sabunta.sh
```

`flock` zai buɗe fayil ɗin nan, ya nemi tsarin ya garƙame masa shi, sannan ya tayar da aikinka. Idan ya tarar wani yana riƙe da kullen, `-n` na nufin kada ya tsaya, ya fita nan take da lamba 1 ba tare da ya taɓa aikin ba. Babu abin da ake rubutawa cikin fayil ɗin, wurin rataya kwaɗo ne kawai. Ka dai tabbatar mai amfanin da aikin ke gudana da sunansa yana da izinin rubutu a wurin da ka ajiye shi.

Kafin ka yarda da ni, gwada. Buɗe taga biyu, ka buga wannan a ta farko, sannan a ta biyu kafin minti ɗaya ya cika:

```
flock -n /tmp/gwaji.lock sleep 60; echo $?
```

Ta biyun za ta dawo maka da 1 nan take. Ta farkon sai bayan daƙiƙa 60 za ta nuna 0.

Ni da na yi niyyar in riƙa ƙirƙirar fayil idan aikin ya fara, in goge shi idan ya gama. Ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗawa. Dabarar tana da rami biyu.

Na farko, tsakanin lokacin da ka duba ko fayil ɗin yana nan da lokacin da ka ƙirƙire shi akwai ɗan giɓi. Ayyuka biyu za su iya dubawa kusan tare, kowanne ya ga babu kowa, kowanne ya shige. Wannan ba ya yawan faruwa idan `cron` kaɗai ke tayarwa, amma ranar da ka tayar da hannu daidai kan minti za ka iya cin karo da shi.

Na biyun ya fi muni. Idan aka kashe aikin da `kill -9`, ko ƙwaƙwalwar injin ta cika tsarin ya kashe shi, layin da ke goge fayil ɗin ba zai taɓa gudana ba. Fayil ɗin zai zauna daram, duk aikin da ya zo bayan nan zai ɗauka akwai wani a ciki ya koma. Sabuntawa ta tsaya ke nan, shiru, har sai wani ya lura bayanan sun kwana biyu. Wasu suna rubuta lambar aikin a cikin fayil ɗin don a duba ko mai ita yana raye. Hakan ya ɗan rage, amma tsarin yana sake rarraba lambobin nan, wata rana za ka tarar lambar tana hannun wani aikin da ba shi da alaƙa da naka.

Kullen `flock` ba ya dogara da samuwar fayil ɗin. A ƙwaƙwalwar tsarin yake, a manne da buɗaɗɗen fayil. Duk yadda aikin ya mutu, tsarin zai rufe abin da ya buɗe, kullen ya saki da kansa. Saboda haka ne ma bai kamata ka riƙa goge fayil ɗin kullen ba da sunan tsafta. Idan ka goge shi wani yana riƙe, wanda zai zo gaba zai ƙirƙiri sabo mai suna ɗaya, ya kulle sabon, su biyun su ci gaba kowa yana ganin shi kaɗai ne. Bar shi a inda yake.

Na biyun ya koma, ko ya jira na farko ya gama?

Ga aikin sabuntawa, ya koma. Kowane zagaye yana ɗauko sabon hali ne gaba ɗaya, wanda aka tsallake bai bar bashi ba, na gaba zai yi abin da ya kamata ya yi.

Dubi lissafin jira. Idan ka cire `-n`, duk wanda ya zo zai shiga layi. Ana shigowa duk minti 10, ana fita duk minti 14. A minti 70 bakwai sun zo, biyar sun gama, biyu suna tsaye. A wuni guda 144 za su zo, kimanin 102 su gama, ka wayi gari da wajen 40 a layi. Ba su cakuɗa maka fayil ba, amma ka mayar da matsalar wani wuri. Idan lallai kana son ɗan jira, sa masa iyaka da `-w 120`, wato daƙiƙa 120, wadda ba ta kai tazarar minti 10 ba, don layin kada ya taru.

Tsallakewa ma da kuɗinta, gara ka san shi tun yanzu. Na 9:00 zai gama 9:14, na 9:10 an tsallake, na gaba sai 9:20, ya gama 9:34. A aikace ka koma sabuntawa duk minti 20. Wanda ya karanta sakamakon da ƙarfe 9:33 kuwa, abin da aka ɗauko tun wajen 9:00 yake gani. Idan hakan ya yi maka nisa, `cron` ba shi ne abin da ya dace ba. Agogon `systemd`, shirin da ke kula da hidimomi a Linux, yana da `OnUnitInactiveSec=`, wanda ke fara ƙirga daga lokacin da aikin ya gama. Ka sa masa minti 2, aikin minti 14 zai riƙa zagayowa duk minti 16. Kuma `systemd` ba ya tayar da hidimar da take kan gudana, don haka nan ba ka buƙatar kwaɗo, muddin ta hanyarsa kaɗai ake tayar da aikin.

Ta yaya zan san ana ta tsallakewa?

Sai ka sa an gaya maka, don `flock -n` ba ya cewa komai idan ya koma. Lamba 1 ɗin ma tana iya ruɗa ka, tunda aikinka da kansa zai iya fita da 1 idan ya gaza. Ba shi lamba ta daban da `-E`:

```
flock -n -E 75 /var/lock/sabunta.lock /opt/sabunta.sh
[ $? -eq 75 ] && logger "sabunta: an tsallake"
```

Tsallake ɗaya bayan kowane zagaye yana nuna aikin ya fi ƙarfin tazararsa. Tsallake shida, bakwai a jere ba tare da an gama ko ɗaya ba, wannan wani abu ne daban: akwai wanda ya maƙale da kullen a hannu.

Idan ya maƙale ɗin fa?

Wannan ita ce sabuwar matsalar da kwaɗo ke kawowa. A da idan ɗaya ya tsaya yana jiran sabar da ba ta amsawa, na bayansa suna wucewa. Yanzu duk suna komawa saboda shi. Yanka masa wa'adi:

```
flock -n /var/lock/sabunta.lock timeout -k 60 30m /opt/sabunta.sh
```

Bayan minti 30 `timeout` zai umarce shi ya tsaya, idan ya ƙi, bayan daƙiƙa 60 a kashe shi da ƙarfi. Na zaɓi 30 ne don ya ninka 14 ɗin da ka gani. Wa'adi mai matsewa zai riƙa kashe aikin da ke tafiya lafiya. Tunda yanzu ana iya katse shi a tsakiya, ya riƙa rubuta sakamako a fayil na wucin gadi a babban fayil ɗaya da na ainihin, sai ya gama ya yi `mv` a kansa. Mai karatu zai ga tsoho cikakke ko sabo cikakke, ba rabi ba.

Akwai wata maƙalewar da ta fi ɓuya: aikin ya gama, amma kullen bai saki ba. Dalili shi ne duk ƙaramin aikin da naka ya tayar yana gadon buɗaɗɗen fayil ɗin. Idan ɗaya ya koma baya ya ci gaba da rayuwa, kullen yana wurinsa. `fuser -v /var/lock/sabunta.lock` zai nuna maka ko wane ne. Zaɓin `-o` yana hana wannan gadon, sai dai idan aka kashe `flock` ɗin shi kaɗai, kullen zai saki aikin yana nan yana gudu. Ni na fi son in gyara abin da ke barin yaro a baya.

Sabar biyu gare ni, kowacce da layin `cron` iri ɗaya. Wannan ya ishe ni?

A'a. Fayil ɗin da ke `/var/lock` na kowace sabar nata ne, ɗaya ba ta ganin kwaɗon ɗaya. Kullen sai ya koma wurin da su biyun suke haɗuwa, galibi rumbun bayanan. A PostgreSQL aikin zai fara da wannan:

```
SELECT pg_try_advisory_lock(4201);
```

Lambar kai ka zaɓa, su biyun dai su yi amfani da ita. Idan amsa ta zo `t` ka samu, ci gaba. Idan `f` ce wani ya riga ka, fita. Kullen yana manne da haɗin da ya karɓe shi, yana saki idan haɗin ya yanke. Don haka dole haɗin ya zauna a buɗe har aikin ya ƙare. Idan ka kira `psql`, umarnin shiga PostgreSQL, a layi ɗaya ka karɓi kullen, sannan ka fara sabuntawa a layi na gaba, `psql` ɗin farko ya riga ya fita da kullen tare da shi.