Saƙon imel da ke raka takardar tayin aiki: me za a rubuta a cikinsa?

Tambaya: Malam, na shirya tayin aikin ba da shawara mai shafi 18 ga wani kamfanin hatsi a Sabon Gari. Ya isa in rubuta "ga takarda nan" in aika?

Amsa: Bai isa ba, domin manajan da zai sa hannu yakan buɗe saƙo a wayarsa, ya tura wa akanta tun kafin ya buɗe takardar. Saboda haka wajibi ne saƙon ya faɗi matsalar, da abin da za ka miƙa, da tsawon aikin, da kuɗinsa. A misali, kan saƙon ya zama "Tayin binciken lalacewar masara a sito", sannan ka rubuta:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan zaman da muka yi ranar Talata, ga tayina kan lalacewar masara a sito biyu na kamfaninku. Zan auna danshin hatsin, in duba yadda ake jera buhuna, in miƙa rahoto tare da horon yini guda ga ma'aikata cikin mako shida. Kuɗin aikin naira miliyan 2.4 ne ban da harajin VAT, ana biyan kashi 40 cikin ɗari kafin a fara. Farashin yana nan har kwana 30. Ina roƙon a ba ni lokaci ranar Alhamis mu tattauna."

Tarihin karatunka da takardun shaidarka ba nan ne muhallinsu ba, a bar su cikin takardar.

Tambaya: Ambaton kuɗi tun farko ba zai kore su ba?

Amsa: A ganina ɓoye shi ya fi ɓarna, domin amsar da za ka samu ita ce "nawa ne?", kuma wannan tambaya shaida ce cewa saƙon bai yi aikinsa ba. Abin kiyayewa shi ne adadin ya zo daidai da na cikin takardar, kuma a fayyace batun haraji: VAT na kashi 7.5 a kan miliyan 2.4 naira 180,000 ne, kuɗin da ya isa ya jawo gardama ranar biya. Wa'adin kwana 30 kuwa kariya ce gare ka idan kuɗin mai da na sufuri suka tashi kafin a amince.

Amma idan gasar neman kwangila ce aka umarci a raba tayin fasaha da na kuɗi, kada farashi ya fito a saƙon ko kaɗan, don hakan na iya sa a yi watsi da tayinka.

Tambaya: Ita takardar fa, yaya zan haɗa ta?

Amsa: Ka mayar da ita PDF don kada tsarinta ya wargaje a waya, ka sa mata suna mai ɗauke da sunanka da na aikin. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB, don haka ka rage nauyin hotuna, ka fara aika wa kanka ka buɗe kafin ka aika wa manajan.