Ƙa'idar auna ƙarfin asid: a duba abin da ya rage

Idan aka jera maka itanol, finol da asid na asitik aka ce wanne ya fi ƙarfi, kada ka tsaya kallon su yadda suke. Dukansu suna da O–H, kallon ba zai raba gardama ba. Ƙa'idar da masana kimiyyar sinadarai ke bi ita ce: cire H⁺ daga kowanne, ka dubi abin da ya rage.

Tushenta bayanin Bronsted da Lowry ne na 1923, cewa asid shi ne mai ba da furoton, wato H⁺. Idan furoton ya tafi, yakan bar elektaron ɗinsa a baya, sai ragowar ta ɗauki caji na nagatif. Wannan ragowar ce ake kira kwanjuget bes. In ragowar tana iya zama da cajin cikin kwanciyar hankali, asid ba zai yi rowar furoton ba. In kuwa cajin ya dame ta, za ta fizgo furoton ɗin ta mayar, asid ɗin ya zama mai rauni. Ma'aunin shi ne pKa: ƙaramar lamba, asid mai ƙarfi, kuma tazarar lamba ɗaya ninki goma ce.

Itanol, CH₃CH₂OH, idan ya saki furoton, cajin gaba ɗaya yana kan oksijin guda. Babu mai taya shi. Shi ya sa pKa ɗinsa ke wajen 16. Asid na asitik, CH₃COOH, wanda ke ba ruwan khal tsami, ragowarsa tana da oksijin biyu a jikin kabon ɗaya, cajin kuma ya rabu tsakaninsu daidai wa daida. Wannan rabon shi ne rezonans. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma biyu sun ɗauka: pKa ya sauko zuwa 4.76, wato ya fi itanol ƙarfi ninki sama da biliyan ɗari.

Finol ne ke kayar da ɗalibai, kuma ban ga laifinsu ba. Idan ka zana ragowarsa, cajin yana barin oksijin ya shiga zoben benzin, ya sauka a kan kabon uku. Zanen ya fi na asitik yawa, sai ɗalibi ya ƙirga ya ce finol ne kan gaba. Ina! Ba yawan zane ake dubawa ba, wanda ya karɓi kayan ake tambaya. Oksijin yana son elektaron, kabon kuwa riƙon dole yake yi. Oksijin biyu sun fi oksijin ɗaya da kabon uku. Don haka finol ya tsaya a tsakiya, pKa wajen 10. Jerin ya zama asitik, finol, itanol.

Ana iya ganin wannan da ido a ɗakin gwaji. Zuba asid na asitik a ruwan NaHCO₃, zai yi kumfa, kamar yadda ruwan lemon tsami ke yi a kan kanwa. Finol ba ya yi, domin kumfar daga asid na kabonik take fitowa, wanda NaHCO₃ ke komawa idan ya karɓi furoton, finol kuwa bai kai wannan asid ƙarfi ba, mai pKa wajen 6.4. Sai an kawo masa bes mai ƙarfi irin NaOH yake sakin furoton.

To idan rezonans iri ɗaya ne fa? Sai a dubi maƙwabta. Maye gurbin haidirojin ɗaya na CH₃ ɗin asitik da kulorin, pKa zai faɗo zuwa 2.86, domin kulorin yana jan elektaron ta cikin mahaɗai, yana rage wa oksijin nauyi. Kulorin uku kan kai shi ƙasa da 1. Amma jan gajere ne, da kulorin ya matsa kabon biyu ko uku nesa, tasirinsa ya kusa ƙarewa.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ta riga su: a kan wane atom cajin ya zauna? A layi ɗaya na jadawalin sinadarai, wanda ya fi jan elektaron ya fi riƙewa, oksijin ya fi naitirojin, naitirojin ya fi kabon. Idan aka gangara ƙasa kuwa girma ne ke magana. Salfa bai kai oksijin jan elektaron ba, amma ya fi shi faɗi, cajin na samun wurin bazuwa. Shi ya sa CH₃CH₂SH ke da pKa tsakanin 10 da 11, ya zarce itanol ƙarfi nesa.

Ƙa'idar tana da inda take tuntuɓe. Bisa wancan jeri, amoniya ya kamata ta fi asitilin, HC≡CH, ƙarfi, tunda cajinta zai zauna a naitirojin ne. Amma kabon mai mahaɗi uku yana riƙe elektaron kusa da cibiyarsa ƙwarai, sai pKa na asitilin ya zama wajen 25, na amoniya wajen 38. Dalilin ke nan da ake amfani da NaNH₂, gishirin ragowar amoniya, wajen cire wa asitilin furoton.