Me ya sa gane rubutun na'ura ya fi wuya a Hausa?

Na saka aikin ɗalibina na Hausa a manhajar gano rubutun na'ura, ta ce kashi 100 mutum ne ya rubuta. Amma na tabbata ChatGPT ne. Ina matsalar take?

Malam, manhajar ba ta karanta ma'ana, hasashe take yi. Da yawa daga irin waɗannan manhajoji suna da ƙaramar na'urar harshe a cikinsu, wadda ke bin rubutu tana cankar abin da zai biyo baya. In aka rubuta "ranar wanka ba a ɓoyon", duk Bahaushe ya san "cibi" ce ke tafe. Abin da manhajar ke aunawa shi ne yawan mamakin da ta sha a kan kowace kalma, ma'aunin da wasu manhajojin ke nunawa da sunan `perplexity`. In a kowane mataki tamkar tsakanin abu 2 take zaɓe, ma'aunin 2 ne. In tamkar tsakanin 50 take lalube, 50 ne. Na'ura kan ɗauki kalmar da aka fi tsammani, don haka rubutunta na Turanci ba ya ba da mamaki sosai. Mutum kuwa yakan kauce hanya, ya jefo kalmar da ba a zata ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce duk jarin manhajar.

A Hausa wannan tazara ce ke rufewa. Na'urar da ke cikin manhajar da Turanci aka raine ta. A rumbun shafukan intanet na Common Crawl, inda ake ɗibar yawancin rubutun horar da na'urori, Turanci ya haura kashi 40 cikin 100, Hausa kuwa ba ta kai ko 1 cikin 1,000 ba. Wanda bai ji Hausa ba, komai aka faɗa masa baƙo ne, ko mutum ya faɗa ko na'ura. Mamakin ya hau sama a ɓangaren biyu, manhajar kuma an koya mata cewa mamaki mai yawa alamar mutum ce. Shi ya sa ta wanke ɗalibinka tas.

Akwai kuma yadda ake yanka rubutun kafin a auna. Na'ura tana datsa shi gutsure-gutsure, kuma kalmomin Turanci na yau da kullum kan fito ɗungurungum a gutsure ɗaya, na Hausa kuwa su tarwatse gida biyu ko uku. Haruffa masu lanƙwasa sun ƙara dagula lissafin, domin a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, harafin k wuri ɗaya yake ci, ƙ kuwa biyu, haka ma ɗ da ɓ da ƴ. Don haka "ƙasa" da "kasa" a wurin na'ura ba dangi ba ne, alhali da yawa daga masu rubutu a waya ba sa bambanta su. Ƙara da mai rubuta "k'asa", da mai raba "ya na" da mai haɗa "yana", da 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar. Kalma ɗaya ta rabu kamanni huɗu ko biyar, ɗan abin da na'urar ta sani a kanta ya daɗa raguwa.

Ai Hausar na'ura a fili take, kamar fassara. Wannan bai isa shaida ba?

Kunnenka ya ji daidai, amma nan ne aka fi zaluntar mutane. Na'ura takan gina jimlar Hausa a kan ƙashin Turanci: "taka muhimmiyar rawa", "a ƙarshen rana", "yana da muhimmanci a lura cewa". To, amma daga ina ta koyo? Babban kason Hausar da ke intanet a tsare, mai tsabtar rubutu, labarai ne na kafofi irin su BBC Hausa, Muryar Amurka, DW, RFI da Aminiya, sai Wikipediya ta Hausa da littattafan addini da aka fassara. Ɗan jarida da ke gaban labarin kamfanin dillancin labarai cikin Turanci, ga lokacin shiga shiri ya matso, dole wani abu na ginin Turancin ya biyo shi cikin Hausa. "Taka rawa" ta daɗe a bakin 'yan jarida tun kafin a san da ChatGPT, wanda sai a Nuwamban 2022 ya fito. Ɗalibin jami'a ma da Turanci ya karanta darasinsa, a kansa yake juya shi zuwa Hausa. Shi da na'ura a rijiya ɗaya suka sha.

A Turanci rubutun mutane da ke intanet ya cika kowane lungu, daga shari'a har hirar kasuwa, sai salon na'ura ya fito daban. A Hausa kuwa, Hausar da ta fi nisa da ta na'ura, wato ta zaure da ta kasuwa da ta littattafan da ake turawa a WhatsApp, ba ta cika shiga rumbun da ake gwaji da shi ba.

Kuskuren jinsi ma haka yake. Na'ura kan rubuta "motan ya lalace" maimakon "motar ta lalace", wasu kuma su ɗauki wannan a matsayin kama ɓarawo da kaya a hannu. Sai dai a karin Zazzau da na Bauchi, da Hausar Jos, da ta zangon Kumasi da Akara, bambancin namiji da mace ya yi rauni a bakin mutane da yawa, wani wurin ma ya ɓace. Duk manhajar da ta ɗauki Hausar Kano a matsayin ita kaɗai ce ta ɗan Adam, ɗan Zariya da ɗan zango za ta fara tuhuma. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin yaron ba shi da yadda zai kare kansa.

Na ji an gina manhajar Hausa da ke gane rubutun na'ura da sama da kashi 99. Ke nan an gama?

An yi irin wannan aiki, kuma hanyarsa sananniya ce. A tattaro labaran jaridun Hausa da mutane suka rubuta, a ba wata na'ura kanun kowane labari ta rubuta nata, sannan a ɗauki na'urar da ta san harsunan Afirka, irin su AfriBERTa ko AfroXLMR, a horar da ita ta raba biyun. A ware wani kaso, misali 20 cikin 100, don jarrabawa. Maki mai yawa a nan ba ƙarya ba ne. Abin tambaya shi ne, me ta koya har ta ci jarrabawar?

Ga yadda abin ke lalacewa. A ce jaridar da aka ɗebo ba ta saka lanƙwasa, tana rubuta "kasar" da "daya", na'urar kuwa kullum "ƙasar" da "ɗaya" take fitarwa. Manhajar ba ta bukatar sanin salo ko kaɗan: ta ga ƙ, ta ce na'ura. Ko kuma labaran mutane na farawa da sunan wakili da gari, na na'ura ba sa yi. Ko na mutane tsawonsu ya bambanta, na na'ura duk kusan kalma 300 ne. Kowanne daga cikin ukun nan zai iya ba da maki mai kyau, ya kuma rushe ranar da aka kawo rubutun ɗalibi.

Gwajin farko mai sauƙi ne. A goge lanƙwasa daga ɓangarorin biyu, a sake jarrabawa:

```python
for a, b in zip("ƙɗɓƴƘƊƁƳ", "kdbyKDBY"):
    rubutu = rubutu.replace(a, b)
```

In makin ya faɗo sosai, haruffa take kallo. Bayan wannan a cire layin sunan wakili, a datse kowane rubutu ya zama tsawo ɗaya. Sai gwaji mafi tsanani: a horar da rubutun na'ura ɗaya, a jarraba da na wata daban, a horar da labarai, a jarraba da insha'in ɗalibai ko huɗuba. A Turanci akwai tarin bayanan yin wannan a shirye. A Hausa sai mai bincike ya tara su da hannunsa, kuma sai ya nemi rubutun da aka wallafa kafin ƙarshen 2022, in ba haka ba zai iya kwaso rubutun na'ura ya sa masa sunan na mutum.

In manhaja ta ce na'ura ce, zan iya kayar da ɗalibi a kan haka?

A'a. Ko a Turanci abin bai kai hujja ba. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar a Janairun 2023, ya faɗa da bakinsa cewa kashi 26 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 na rubutun mutane laifi. Ya yi gargaɗin cewa ba abin dogaro ba ce a rubutun da bai kai haruffa 1,000 ba, da kuma harsunan da ba Turanci ba. A Yulin shekarar ya janye ta. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji 7 da rubutu 91 na jarrabawar Turanci ta TOEFL, wanda waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta. A tsakaice, kashi 61 aka ce na na'ura ne.

Mu ɗora alkaluman OpenAI a kan aji mai ɗalibai 200, a ce 20 daga ciki na'ura suka sa ta yi musu. Kashi 26 na 20 ya ba da kusan 5, su ne za a kama. Kashi 9 na sauran 180 ya ba da kusan 16, su ne za a tuhuma ba su ji ba ba su gani ba. Sunaye 21 ke nan a gabanka, 16 masu gaskiya, kuma 15 daga cikin masu laifin sun sulale. Wannan lissafin Turanci ne, harshen da aka gina manhajar dominsa.

Abin da ya fi aiki a hannunka yake. Ka sa kowa ya rubuta shafi ɗaya a gabanka a farkon zango, ka ajiye don kwatance. Wanda ke rubuta "shi ka nan" irin ta Sakkwato bai cika wayar gari da Hausar gidan rediyo ba. Ka bi diddigin abin da aka ambata a aikin, domin na'ura kan ƙirƙiro karin magana da ba a taɓa ji ba, ko ta jingina wa littafi marubucin da ba nasa ba. Sannan ka zaunar da ɗalibin minti biyar ya bayyana maka sakin layi guda da bakinsa.

Ba a iya sa wa rubutun na'ura hatimi tun daga tushe?

Ana yi. A wata hanya da masu bincike na Jami'ar Maryland suka fitar a 2023, a kowane mataki ana raba gutsattsarin kalmomi gida biyu da wani mabuɗin sirri, a ɗan karkata na'urar ta fi zaɓen gida ɗaya. Mai mabuɗin sai ya ƙirga: in mutum ne, kusan rabi za su faɗa gidan, in na'ura ce za su zarce rabi nesa. Google na amfani da wani tsari mai kama da wannan, SynthID, a na'urarsa ta Gemini.

Hatimin yana zaune ne a kan ainihin gutsattsarin da na'urar ta zaɓa, don haka duk abin da ya sauya su yana kankare shi. Mai son rubutun Hausa sau da yawa da Turanci yake sa na'ura ta rubuta, sannan ya wuce da shi Google Translate, wanda ya karɓi Hausa tun 2013. Gutsattsarin Turancin sun tafi, hatimin ya bi su. Ko da Hausa aka rubuta kai tsaye, goge lanƙwasa da raba "yana" zuwa "ya na" suna sauya yankan kalmomi da yawa, su raunana ƙirgen. Kuma hatimin kamfani ɗaya ba ya cewa komai a kan rubutun da ya fito daga na'urar wani kamfanin.