Yadda Ake Kintatar Shekarun Tsohuwar Ƙwarya da Kayan Fata

Ƙwaryar kakata ta yi baƙi, zanenta ya shafe. Ta kai shekara ɗari?

Ba lallai ba. Sheƙin ƙwarya da shafewar zane yawan aiki suke nunawa. Ƙwaryar da ake tallan nono da ita kullum takan tsufa cikin shekara goma fiye da ta jere da ta yi hamsin a ɗaki. Duba inda ta lashe: gindi, baki, da gefen da hannu ke kamawa. Idan baƙin ya rufe ko'ina bai ɗaya, ga ƙaurin hayaƙi, amma bakin zanen na da kaifi, to an turara ta ne don a yaudari mai saye.

Ɗinkin gyartai fa?

Shekarun gyaran yake faɗa. Zaren leda ko na nailan na nufin an ɗinke ta bayan yaƙin duniya na biyu, domin sai a ƙarshen shekarun 1930 nailan ya shiga kasuwa, kafin ma ya iso ƙauye. Ƙwaryar kanta ta girmi ɗinkin, watakila da wata guda, watakila da shekara arba'in. Zaren kaba kuwa ba ya yanke hukunci, tunda ba a daina amfani da shi ba. Na fi yarda da ƙwarya mai ɗinki iri biyu ko uku, kowanne da hannunsa, ramukan wani sun faɗaɗa sun yi sumul. Wannan ta ga jiya.

Ina da gafaka ja. Ta ina zan fara?

Ɗaga marfin, ka kwatanta launin da ke ɓoye da na waje. Jan karan dafi yana da duhu, yakan karkata zuwa ruwan ƙasa. Idan na ɓoyen ja ne garau mai ratsin shunayya, ko ruwan hoda mai haske, galura ce, rinin kanti da aka fara haɗawa a Turai a 1856. Gafakar ba za ta riga wannan shekara ba. Baƙin kuloko kuma ƙarfe ke cikinsa, shi ya sa wurin da aka shafa shi yakan riga sauran fatar bushewa da tsagewa.

Sai ɗinki. Na basilla tazararsa ba ta daidaita, na keke kuwa tamkar an auna, zare biyu sarƙe da juna. A ce jikin gafakar karan dafi ne, ɗinkin hannu da siririyar fata, amma maratayin ɗinkin keke ne da nailan. Nemi tsofaffin ramuka a ƙarƙashinsa. In suna nan, maratayin aka sauya, jikin ya girme shi. In babu, tare aka yi su, kuma nailan ɗin ne zai yanke shekarun duka.

Gwajin kimiyya ba zai raba gardama ba?

Awon kabon 14, wato auna ragowar wani nau'in sinadarin kabon don gano shekarun abin da ya taɓa rayuwa, yakan rikice a kayan da aka yi tsakanin wajen 1650 da 1950, ya ba da zamani biyu ko uku. Amma yana gane duman da ya tsiro ko akuyar da ta rayu bayan 1955, saboda gwaje-gwajen makaman nukiliya sun ƙara wannan kabon a iska.