Harajin VAT: sifili ba keɓewa ba ne

An daɗe ana ɗaukar kaya masu harajin sifili da kayan da aka keɓe daga VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, a matsayin abu guda, tunda mai saye ba ya biyan harajin a kansu. Ɗan kasuwa ne ke jin bambancin.

A ce harajin kashi 10 cikin 100 ne, ka sayi kayan aiki na 1,000, ka biya harajin 100. Idan abin da kake sayarwa na sifili ne, har yanzu yana cikin tsarin harajin, don haka hukuma za ta mayar maka da 100 ɗin. Idan keɓaɓɓe ne kuwa, ba a mayarwa, sai ka ɗora a farashi ko ribarka ta ragu. Keɓewar da ake wa murna ita ce mai cizo.