Maitosis da Mayosis: Bambancinsu da Dalilin da Ya Sa 'Yan'uwa Ba Sa Kama Sak

Maitosis da mayosis hanyoyi biyu ne da sel, wato ƙwayar halitta, ke rabuwa. Dukkansu sai an fara kwafe kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin sel, sau ɗaya kafin a shiga rabon, kowane ya zama tagwayen zare biyu manne da juna, su ake kira kuromatid.

Maitosis, wanda Walther Flemming ya raɗa wa suna a 1882, rabo ɗaya ne kawai. Sel na mutum mai kuromosom 46 ya ba da sel biyu, kowanne 46, iri ɗaya sak. Da shi yaro ke girma, da shi kuma ciwon da wuƙa ta yi maka a yatsa ke cikewa.

Mayosis kuwa a maraina da mazaunin ƙwan mace yake faruwa, rabo biyu ne a jere ba a sake kwafi a tsakani, sai a ƙare da sel huɗu kowanne 23. A namiji duk huɗun maniyyi suke zama, a mace ɗaya ne kacal ke zama ƙwai.

To ina bambancin gadon yake fitowa? Kuromosom 46 ɗin nan bibbiyu suke, kashi 23, a kowane kashi ɗaya na uwa ɗaya na uba. A furofes na farko, wato matakin da rabon farko na mayosis ke farawa da shi, na uwa da na uba suna haɗuwa su kwanta jikin juna, su karye a wuri guda su yi musayar gutsure, mahaɗar ita ce kayazma, shi ke nan zaren ya zama gauraye, wani yanki na uwa wani na uba. Maitosis ba ya wannan jeruwar bibbiyu sam.

Sai matakin da ke biye, metafes na farko, inda kowane kashi ke tsayawa a tsakiyar sel yadda ya ga dama, ba ruwansa da na kusa da shi. Ɗauki sel mai kashi biyu kacal, dogo da gajere. Maniyyi zai iya samun dogo da gajere duk na uwa, ko duk na uba, ko dogon uwa da gajeren uba, ko akasin haka, iri huɗu kenan, 2² = 4. A mutum lissafin 2²³ = 8,388,608 ne, tun ma ba a sa musayar can ba, sannan kuma ba a san wane maniyyi zai riski wane ƙwai ba.

Inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne anafes, matakin da ke bin metafes, inda kuromosom ke rabuwa zuwa gefe biyu na sel. A anafes na farko abokan kashi ne ke rabuwa, tagwayen kuromatid suna nan manne, kuma nan ne adadi ke sauka daga 46 zuwa 23. Sai a na biyu tagwayen ke rabuwa, kamar dai a maitosis. In aka ba ka zane ka ga kuromosom a jere bibbiyu a tsakiya, metafes na farko ne na mayosis. In kuma kashi na 21 ya ƙi rabuwa, ƙwai ya tafi da 24, jaririn zai zo da 47, wato lalurar Down.